Manhajar lissafina da banki sun saɓa da sama da jika 100, wanne zan yarda da shi?

Maman Nafisa, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Tun 1 ga Satumba nake amfani da wata manhajar lissafin kuɗi a salula. Tana karanta saƙon da banki ke turo mini, na kuɗin hannu da na waya kuma ni ke rubutawa da kaina. Ƙarshen wata na sauko da bayanan asusuna daga shafin banki na loda mata. Yau 2 ga Oktoba banki na nuna mini 208,300, a ƙasa kuma ga wani adadin 214,300, ita manhaja kuwa 106,800 ta ce ya rage. Wasu abubuwa sun fito sau biyu, maganin da na saya a farmasi ta kai shi cikin abinci, kuma wai na kashe fiye da albashina. Yaya zan gyara ba tare da na goge aikin wata guda ba?

Laminu:
Wa alaikumus salam Tanti. Banki ne mai gaskiya, manhaja ba ta riƙe ko dala ɗaya, lissafi kawai take yi. Ni dai da ni ne, goge asusun zan yi gaba ɗaya in sake loda fayil ɗin, minti biyar an gama.

Hajiya Zainabu:
Ƴar uwa kada ki tsaya wasa, gobe da safe ki tafi bankin. Ni an taɓa cire mini sau biyu. Kaya na saya a wani shago kusa da babbar kasuwa, yarinyar ta sa kati a na'ura, rezo ya yanke, takarda ba ta fito ba, ta ce in sake danna lambata. Na sake. Ashe duka biyun sun wuce. Sai da na kai musu takardar shagon, na cike takardar koke, sannan bayan wani lokaci kuɗin suka dawo. Ki tafi da katin shaidarki da duk ƴan takardun da na'ura ta ba ki.

Malam Isufu:
Salamu alaikum. Hajiya, abin da ya same ki yana faruwa, amma akwai hanyar da za ta gane ko nata irinsa ne tun tana zaune a gida. Maman Nafisa, buɗe takardar da kika sauko da ita daga banki, ki ajiye manhaja tukuna. Ɗauki abu ɗaya cikin waɗanda kika gani sau biyu ki neme shi a takardar. In sau biyu ya fito a can, to cirewa biyu aka yi da gaske, maganar Hajiya za ki bi. In sau ɗaya ya fito, kuɗinki na nan lafiya, manhaja ce ta ƙirga sau biyu. Kuma kin ga a naki banki ne ke nuna adadi mai yawa, manhaja mai kaɗan. Da cirewa biyu aka yi miki, na bankin ne zai ragu.

Sai adadin nan biyu na banki. Duba rubutun da ke gefensu, ina zaton ɗaya Solde comptable ne, ɗayan Solde disponible. Na farko shi ne abin da ya riga ya shiga littafin banki. Na biyu shi ne abin da za ki iya taɓawa yanzu, bayan an riƙe kuɗin abin da kika saya da kati amma bai kai ga shiga littafi ba. Tsakaninsu jika 6 ne, ke nan jiya ko yau kin yi sayayyar jika 6 da kati. Duka biyun daidai suke.

Abin da ba na so ki yi shi ne gwada manhaja da adadin yau, domin na yau motsi yake yi. Tsayar da rana ɗaya, 30 ga Satumba. Duba layin ƙarshe na takardar banki ki ga nawa ya rage ranar. Sannan a manhaja ki tace asusun banki kaɗai, ban da na waya da na hannu, ki ga nawa take cewa ya rage a wannan ranar. Bambancin waɗannan biyun shi za mu bi.

Laminu, gogewa tana aiki, amma za ta tafi da duk bayanin da ta rubuta a kan kowane layi da rabon da ta yi, kuma in ba a toshe inda ruwan ke shiga ba, wata mai zuwa haka za a sake. Kafin ki taɓa komai, Maman Nafisa, ki shiga saitin manhajar ki danna Sauvegarde ko Exporter, ki ajiye kwafi.

Maman Nafisa:
Na gode Malam. Haka ne, jiya na sayi gas na jika 6 da kati. Takardar banki ta rufe 30 ga wata da 214,300, manhaja ranar 112,800, bambanci 101,500. Na duba jika 50 da na cira a gishe, sau ɗaya take a takardar banki. Hankalina ya ɗan kwanta. To me ya sa wasu suka ninku wasu ba su ninku ba? Ai duka fayil ɗaya ne.

Malam Isufu:
Madalla. Dalilin shi ne abu ɗaya ya shigo manhajarki ta hanya biyu, saƙon waya da fayil. Da kika loda fayil, manhajar ta yi ƙoƙarin gane waɗanda take da su tun da farko. Amma ba ta da wata shaida sai rana da adadi, wani lokaci da ɗan rubutun da ke gefe. Inda rana da adadi suka zo ɗaya ta haɗe su, shi ya sa mafi yawa ba su ninku ba. Inda rana ta bambanta sai ta ɗauka sabon abu ne.

Rana kuwa tana bambanta ne saboda saƙo yana zuwa a take, lokacin da kika sa kati, shi kuma banki yakan shigar da abin littafi a ranar aiki ta gaba. Kika ciri kuɗi ranar Asabar, saƙo ya zo Asabar, takarda ta rubuta Litinin. Saboda haka kada ki bi jerin da rana. Jera shi da adadi, daga babba zuwa ƙarami, sai masu adadi ɗaya su tsaya kusa da juna. Duk biyun da adadinsu ɗaya, tsakaninsu kwana ɗaya zuwa huɗu, musamman waɗanda suka ratsa Asabar da Lahadi, ki rubuta su a takarda. Kada ki goge tukuna. Kowanne ki koma takardar banki ki ƙirga sau nawa ya fito, domin mutum na iya cirar jika 20 Juma'a ya sake cirar jika 20 Litinin, kuma duka biyun gaskiya ne.

Akwai wata hanya ta uku da mutane ke mantawa da ita. In kin taɓa saita wani abu a matsayin Récurrent, kamar kuɗin haya ko na makaranta, manhajar tana rubuta shi da kanta ranar da kika sa mata, ko kin biya ko ba ki biya ba. Ki leƙa nan ma.

Wajen cirewa, in manhajarki tana da Fusionner ko Associer, shi ya fi, ki zaɓi biyun ta mayar da su ɗaya. In babu, ki bar wanda ya zo daga fayil ɗin banki, ki kwashe bayanin da kika rubuta a kan ɗayan ki mayar kansa, sannan ki goge ɗayan. In kika goge na fayil kika bar na saƙo, duk ranar da kika sake loda fayil da ya taɓo waɗannan kwanakin zai dawo.

Maman Nafisa:
Na samu uku. Jika 50 na gishe, saƙo Asabar 20 ga wata, takarda Litinin 22. Farmasi 17,500, saƙo daren Juma'a 26, takarda Litinin 29. Sai haya jika 35, na saita ta 5 ga wata amma sai 8 na tura wa mai gida. Jimla 102,500. Na haɗe su, yanzu manhaja na cewa 215,300. Ta wuce banki da jika ɗaya cif.

Laminu:
Shi ke nan Tanti, jika ɗayan nan kuɗin da banki ke yanka ne na kula da asusu ko na saƙo. Ki rubuta shi da hannu a matsayin cajin banki, lissafi ya daidaita.

Malam Isufu:
A'a ƙanena, a dakata. Duk abin da banki ya yanka yana cikin takarda, kuma takardar ce ta loda, ke nan ya riga ya shiga. In ta ƙirƙiro layin jika ɗaya, adadi zai yi daidai a ido, amma kuskuren na nan a ƙasa. Ni a wurin aiki ƙaramin bambanci ya fi babba sa ni tsayawa, domin sau da yawa kuskure biyu ne manya suke rufe juna, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauke, abin da ya rage tsakaninsu shi ake gani.

Maman Nafisa, yanzu bar kuɗi, ƙirga layuka. Layi nawa ne a takardar banki daga 1 zuwa 30 ga Satumba, layi nawa ne a asusun banki na manhaja a kwanakin nan?

Maman Nafisa:
Takarda 38, manhaja 37. Na bi ɗaya bayan ɗaya da biro. Ranar 12 na tura jika 10 zuwa asusuna na waya da safe don in sayi kuran, da yamma na sake tura jika 10 don in aika wa mahaifiyata. A takarda layi biyu ne, a manhaja ɗaya. Na ƙara ɗayan, sai ta koma 205,300. Yanzu kuma ta gaza da jika 9.

Malam Isufu:
To kin ga ɗayan ɓangaren ke nan. Layin biyu a fayil ɗin kamar haka suke, in ban yi kuskure ba:

```
12/09;VIR VERS MOBILE;10000;
12/09;VIR VERS MOBILE;10000;
```

Rana ɗaya, rubutu ɗaya, adadi ɗaya. Fayil ɗin CSV irin wannan ba shi da lambar da ke bambanta layi da layi, sai manhajar ta ɗauka maimaici ne ta jefar da na biyun. Dabarar da take hana ninki da ita, ita ce ta cinye miki layin gaskiya. Shi ya sa ba na son maɓallin nan mai cewa a goge duk masu kama da juna a danna ɗaya.

Abdu, Tawa:
Sallama jama'a. Ni dai ban san manhajar ga ba, littahi nika riƙewa a shago, amma abin da munka koya wajen manya shi na, in lissahi ya ƙi, a raba bambancin da 9. In ya rabu babu saura, to lamba anka juya wajen rubutu. Misali 17,500 a rubuta 15,700, bambanci 1,800, ya rabu da 9. In kuma rabin bambancin ya yi daidai da wani kuɗi da ke cikin littahi, to shiga anka rubuta wurin hita. Jika 9 ta rabu da 9, Maman Nafisa ki diba inda kinka juya lamba.

Malam Isufu:
Malam Abdu, dabarun nan biyu na gaskiya ne, ni ma ina aiki da su. Sai dai juya lamba a wurin da hannu ya rubuta yake faruwa, kuma ba duk abin da ya rabu da 9 ne juyi ba. Layukan asusun bankinta inji ne ya kwafo su. Amma maganarka ta nuna inda za a duba, wato abin da ta rubuta da hannunta a wannan asusun. Ban da haya da muka gama da ita, abu ɗaya ne ya rage: adadin da ta fara da shi ranar da ta buɗe manhajar.

Maman Nafisa, a saman takardar banki akwai layin da ke nuna abin da ya rage 31 ga Agusta. Gwada shi da Solde initial da kika sa.

Maman Nafisa:
Allahu akbar. Takarda 97,000, ni 88,000 na sa, shi na gani a wayata da safiyar 1 ga wata. Kuma layin farko na Satumba man mota ne na jika 9 da na sha Asabar 30 ga Agusta. Na gyara zuwa 97,000, manhaja ta ba da 214,300 daidai da takarda.

Malam Isufu:
Alhamdu lillahi. Adadin da kika kwafa ranar an riga an riƙe jika 9 ɗin a ciki, sai fayil ya zo ya sake cire su. Shi ma ninki ne, amma ba za ki taɓa ganinsa a jeri ba domin rabinsa yana ɓoye cikin adadin farawa. Duk mai buɗe irin wannan manhaja ya ɗauki adadin farawa daga takardar banki, na ranar da ta gabaci layin farko da zai loda.

Ki kuma sa ido kan jika 6 na gas ɗin jiya. Ya shigo ta saƙo da ranar 1 ga Oktoba, banki zai rubuta shi 2 ko 3. Ƙarshen wata in kika loda sabon fayil, shi ne zai fara ninkuwa.

Rakiya:
Bari in sa baki kan maganar farmasi da ta koma abinci, don ni a shago nake aiki, kullum na'urar kati na hannuna. Sunan da ke kan allon ƙofar shagonmu daban, sunan da ke fitowa a ƴar takardar na'ura daban. Na takardar sunan da mai shago ya yi rajista da shi ne, ETS wane da ƴan uwansa, kuma a gutsure yake fitowa don wurin rubutun kaɗan ne. Sau nawa mutum ya dawo mana da wayarsa yana cewa ga wani suna an cire masa kuɗi bai san su ba, mu ce mu ne. To manhajar Maman Nafisa wannan guntun rubutun kawai take gani. Ba ta san ko magani ne ko shinkafa ba, cinta take yi.

Malam Isufu:
Gaskiya ne Malama Rakiya. Shi banki yana da abin da manhajar ba ta da shi. Duk na'urar kati ana ba ta lamba huɗu ta irin sana'ar mai ita, MCC ake ce mata: 5912 ta masu sayar da magani, 5411 ta manyan shagunan kayan abinci, 5541 ta gidan mai, 6011 ta cirar kuɗi a inji. Bankin da ke rarraba sayayya gida-gida a manhajarsa yakan dogara da wannan lamba. Ita lambar ba ta zuwa cikin saƙon waya, kuma galibi ba ta cikin fayil ɗin da ake saukewa. Shi ya sa rabon banki da na manhaja ba sa zuwa ɗaya.

Ko ita lambar ma sana'ar shago take faɗa, ba abin da aka saya ba. Kika sayi madarar yara da biskit a shagon gidan mai, mai kika sha a idon banki. A nan ba a cewa banki ne mai gaskiya. A kan nawa ya rage, takardar banki ce alƙali. A kan me aka saya, ke kaɗai kika sani.

Ina kuma zargin wani abu. A farkon wata, kin taɓa gyara sayayyar wani shagon abinci, manhajar ta tambaye ki ko ta yi wa duk masu kama da ita haka, kika amsa? Shiga Règles ki gani. In dokar ta kama kalmomin PAIEMENT TPE ne, to duk abin da kika saya da kati abinci zai zama, domin kowane layin kati da su yake farawa. Goge ta, ki yi sabuwa da ɓangaren sunan shagon kaɗai, wanda ba ya canzawa, ban da rana ko lambobin da ke biye da shi.

Maman Nafisa:
Dokar na nan kuwa, har man mota yana cikin abinci. Na goge ta. Saura maganar wai na kashe fiye da albashi, ta ragu amma har yanzu ta yi yawa.

Malam Isufu:
Wannan shi ya fi ɓata wa mutane lissafi, kuma adadin da ya rage ba zai taɓa nuna miki shi ba. Ɗauki jika 50 na gishe. Da kika cire su ba ki kashe ba, daga banki suka koma jakarki. Amma manhajar ta sa su cikin kashewa, sau biyu ma kafin gyaran yau. Sannan kika je kasuwa kika yi cefane da su, kika biya kabu-kabu, kika rubuta kowanne a asusun kuɗin hannu. Kuɗi ɗaya an ƙirga shi sau uku. Haka jika 20 na ranar 12: a banki sun fita a matsayin kashewa, a asusun waya kin rubuta su a matsayin shiga, sai kuɗin shigarki ma ya kumbura, sannan kuran da aiken Mama suka sake fita.

Gyaran shi ne ki buɗe kowane layi na cirar gishe da na turawa waya, ki canza nau'insa daga Dépense zuwa Transfert, ki zaɓi asusun da ya tafi. Ki kula, da zarar kin yi haka manhajar za ta rubuta shigar da kanta a ɗayan asusun. Wanda kika rubuta da hannu a can sai ki goge shi, in ba haka ba kin haifi sabon ninki a asusun waya. Cajin da aka yanka wajen turawa ko cirewa shi kam kashewa ne na gaske, ki bar shi a layinsa daban. Bayan nan ki gwada asusun waya da abin da kamfanin ke nuna miki, na hannu kuma ki zazzage jaka ki ƙirga.

Hajiya Zainabu:
To Malam adashe fa? Ni ina zuba jika 25 duk wata. Ɗiyata ta sa mini shi cikin kashewa, watan da na kwasa kuma sai abin ya nuna kamar na yi wata babbar riba.

Malam Isufu:
Ni asusu daban nake buɗe masa, Hajiya, zubi ya zama Transfert zuwa can, kwasa ta zama Transfert daga can. In kin kwasa da wuri asusun zai nuna ƙasa da sifiri, kuma gaskiya ce, bashi ne a kanki har zagaye ya ƙare.

Rakiya:
Ni kam a kashewa nake barin nawa. Kuɗin da ba zan iya taɓawa ba sai bayan wata takwas, in na gan shi cikin jimlar abin da nake da shi sai in saki hannu. Na san a lissafi na Malam ne daidai, amma ni nawa ya fi tsare ni.

Laminu:
Yanzu dai Tanti ta kashe karatun saƙo ko ta daina loda fayil? Ni saƙon na fi so, a take kake ganin komai. Wa zai jira ƙarshen wata?

Malam Isufu:
Ɗaya dai za ta zaɓa wa asusun banki, kuma ni fayil zan zaɓa. Ba kowane motsi banki ke turo wa saƙo ba, ka ga na ranar 12 ma ta fayil kaɗai suka shigo, kuma in waya na kashe ko rezo ya ɗauke saƙo na iya makara ko ya ɓace. Sannan manhajar da ka ba izinin karanta saƙonni tana iya ganin har lambobin sirri na wucin gadi da banki ke turowa. Ba sai ƙarshen wata ba, ana iya saukewa duk mako.

In za ki bi fayil, Maman Nafisa, kada kwanaki su hau juna: wannan ya ƙare 30, na gaba ya fara 1. Wajen lodawa in ta tambayi wane shafi ne rana, ki ba ta Date opération, ki tsaya a kansa kullum. Date valeur ranar da banki ke lissafin ruwa da ita ce, tana iya gaba ko baya. Ki tabbata kuma ta fahimci rana ce a gaba sannan wata, kada 05/09 ya koma 9 ga Mayu, ya fice daga watan gaba ɗaya. In shafin bankinki yana ba da fayil irin OFX ban da CSV, ɗauki OFX, domin kowane layi a cikinsa yana da lambarsa:

```
<TRNAMT>-10000
<FITID>0912000417
```

Da wannan lambar ta FITID manhaja ke gane wanda ta riga ta karɓa, kuma jika 10 biyu na rana ɗaya ba za su haɗe ba tunda lambarsu daban. Amma ko OFX ba zai gane na saƙo ba, saƙon ba shi da wannan lambar.

Laminu:
Ni dai zan ci gaba da saƙo, in riƙa gwadawa da takarda a ido ƙarshen wata, in ƙara abin da ya ɓace da hannu. Layi talatin da wani abu ai ba aiki ba ne.

Malam Isufu:
Hakan ma ya yi, muddin ba ka loda fayil a kansa ba.

Maman Nafisa:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na kashe karatun saƙo, na goge jika 6 na gas zan jira shi a fayil, haya kuma na mayar da ita tunatarwa kawai. Shafin bankina CSV da PDF kaɗai na gani, saboda haka zan riƙa ƙirga layuka duk lodawa. Asusun waya ya daidaita. Na hannu ne ya gaza da 3,250, kuma ba ni da takardar da zan gwada shi da ita. Malam, wannan in rubuta shi a matsayin abin da ban tuna ba, ko in ci gaba da nema?